Ankon Ganyen Albasa

Mu bakwai ne muka taso tare a Ƙonni, tun daga lakwal, wato makarantar boko, har aure ya fara ɗaukarmu ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinmu babu biyu da launin fatarsu ya zo ɗaya. Ni ce fara, har tsofaffin unguwa suna tambayar uwata ko ba a fita da ni rana. Akwai ja, ɗiyar wasu mutanen Tajaye, akwai wankan tarwaɗa iri-iri, sai kuma taubashiyata, ɗiyar kawuna na Dogarawa, wadda aka kawo gidanmu don karatu. Baƙa ce, baƙi mai sheƙi, ga dogon wuya, ga wushirya. In ta shafa man gyaɗa ta fito da hantsi, ni kaina sai na sake kallonta. Ban taɓa faɗa mata ba, don tsakanin taubasai ba a yabo, tsiya ake yi. Ita ɗiyar namiji ce, ni ɗiyar mace, don haka baiwar gidansu take ce mini, ni kuma in ce mata gawayi. Duk wadda na jefa mata ɗaya sai ta rama biyu, har uwata ta gaji ta kore mu tsakar gida.

A lokacin hoto mai kala bai daɗe da shigowa garinmu ba. Ana ɗauka a Ƙonni, amma wanki sai a Sakkwato. Mai hoto ya ba direba fim, a yi mako guda ko biyu ana jira. Saboda haka hoton biki ba abin wasa ba ne. Sau ɗaya ake tsayawa, abin da ya fito shi ke nan, shi za a sa a gilashi a rataye a ɗakin amarya, sama da jeren kwanoni, duk mai shigowa ya kalla.

Al'adarmu ita ce babbar ƙawar amarya ke zaɓen anko, sauran su bi ko sun so ko ba su so ba. Da auren ta farkonmu ya tashi, ni aka ba wannan girma, na kuwa ɗauke shi da kai biyu. Na tafi shagon wani mai yadi ni kaɗai, ban ko nemi rakiya ba. Farar shadda na gani, mai walƙiya, tana ƙara in an taɓa ta. Na ɗora ta a bayan hannuna a ƙarƙashin fitilar shagon, na ga ta karɓe ni, na ce a yanko ta mutum bakwai. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ba hannuna kaɗai ne zai sa ta ba.

Ranar biki mun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Da azahar muka jeru a jikin bangon gidan su amarya da aka shafe da farar ƙasa, rana tsaka, muna ƙifta ido. Mai hoto ya so mu jira la'asar, ni na ce masa kwalliyarmu za ta narke. Ya ɗaga kafaɗa ya ɗauka.

Bayan mako biyu hoton ya dawo, muka taru a ɗakin amarya muna ƙwace shi hannu da hannu. Shaddar ta fito fes, har zanen jikinta. Ni na fito, jar nan ta fito, sauran an gane su da ƙyar. Taubashiyata kuwa babu ita. Ga kallabi a sama, ga riga a ƙasa, tsakaninsu duhu ne da ɗigon ido biyu da ɗan farin haƙori. Bakina bai jira kaina ba.

"Ke, ina kinka tahi anka yi hoto ba ki? Ga kallabinki nan ya tsaya shi ɗai."

Ɗakin ya fashe da dariya. Ita ma ta yi dariya, ta miƙa hoton ga ta kusa da ita. Na tsaya ina jiran ramuwa, don na san bakinta, amma ba ta rama ba. Da ina da hankali da nan na gane na yi ɓarna. Sai na ɗauka na ci ta ne a karon farko, har na yi ta jin daɗi.

Hoton ya hau bango, maganata kuma ta bi gari. Duk wadda ta shiga ɗakin amaryar sai an nuna mata kallabin da ya tsaya shi kaɗai. Bayan wasu watanni taubashiyata ta bar lakwal ta koma Dogarawa, ta kama taya uwarta sayar da albasa. Ba hoton ne ya mai da ita ba, amma ta tafi da shi a ranta.

Shekara ta zagayo aka sa ranar aurena. Ban ko yi shawara ba, na aika mata ta bakin wani direba ɗan unguwarmu cewa ita ce babbar ƙawa. Wa zai zama in ba ita ba? Tabarma ɗaya muka kwana shekara shida. Amsar da ya kawo mini gajera ce. Ta ce za ta zo, za ta yi daka, za ta yi tuwo, za ta wanke tukwane, amma ba ta ɗinka anko kuma ba ta tsayawa hoto, ba a bikina ba, ba a na kowa ba.

Haushi na fara ji kafin kunya ta zo. Kuma da yake ni ba mai karɓar laifi da wuri ba ce, sai na ɗauki haushin na kai wa mai hoto. Ɗakinsa yana kusa da tasha, da labule mai zanen bene da furannin roba da duk garin suka riƙe a hotunansu. Dattijo ne, ba ya gaggawar magana. Na ce masa kyamararsa ba ta son baƙaƙe, shi ya raba ni da ƴar'uwata. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce:

"Ɗiyata, ke kinka zaɓi hwarar shadda, ke kinka zaɓi hwarin bango, ke kinka ce a ɗauka rana tsaka. Ni mi na zaɓa?"

Sai na nemi wuri na zauna. Ya yi mini bayani kamar mai koya wa yaro ɗaurin akuya. Ya ce idon mutum yana iya ganin fari da baƙi a lokaci guda, fim ba ya iyawa. In fari ya cika hoto, kyamara sai ta rage haske don kada farin ya ƙone, masu wanki ma su bi farin, duk fuskar da ke da duhu sai ta nutse. Yadi mai walƙiya ya fi muni, don yana mai da haske kamar madubi. Ya ce kada in gudu daga fari in faɗa baƙi ko shuɗi mai duhu, don nan kuma ita da rigar za su haɗe su zama abu ɗaya, ni in fito kamar an watsa mini gari. Ja wur in ya yi yawa, injin wanki yakan yi ƙoƙarin rage shi, fuskoki su fito da wani kore-kore kamar marasa lafiya. A nemi launi tsaka-tsaki, mai jiki, wanda ba ya sheƙi, ba mai ƙananan zane barkatai ba. Kuma a gwada shi a wuya, kusa da fuska, a waje cikin inuwa. Bayan hannu da fitilar shago duk maƙaryata ne.

Da na miƙe sai ya ƙara da cewa yana da fim na wani taron suna da ya rage hoto uku bai cika ba. In na kawo yadi uku, na kawo mafi farinmu da mafi baƙinmu, zai ɗauka a gani kafin a yanka. Launin da ya karɓi mu biyu zai karɓi sauran biyar.

Washegari na hau motar kasuwa zuwa Dogarawa, a matse tsakanin buhunan gero da wata tsohuwa mai kaji. Na tarar da ita a ƙarƙashin rumfa tana tsince albasa. Ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo ruwa da fura, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo, don tun da muke ba ta taɓa karɓata kamar baƙuwa ba. Na so ta ce mini baiwa, ba ta ce ba.

Ban iya ba da haƙuri ba, har yau ban iya sosai ba. Na yi ta zagaye-zagaye da zancen mai hoto da fim da injin Sakkwato. Tana ji, hannunta bai bar albasa ba. Daga ƙarshe dai na ce laifina ne, ni na zaɓi shaddar, ni kuma na yi maganar. Sai ta ɗago.

"Ba maganarki ta yi min ciwo ba," in ji ta. "Ke kullum kina yi. Hoton ne. Na duba na ce, to, haka mutane ka ganina ke nan."

Abin da na kasa faɗa shekara shida ya zo mini har baki, cewa duk cikinmu babu mai kyanta. Na haɗiye shi, don na san za ta ɗauka lallashi ne. Na ce ta zo ranar Laraba kawai, ta yafa yadi uku a kafaɗa. In hoton ya fito kamar na farko, ba zan sake tada maganar ba, ta shiga madafa ta yi tuwonta. Ta ce dama Laraba za ta kawo albasa kasuwar Ƙonni, ba don ni ba.

Ranar Laraba muka taru shagon mai yadi mu bakwai, karon farko tun bayan wancan bikin. Mai shagon abokin ubana ne, ya bari muna fitar da turame waje, zuwa inuwar bangon maƙwabcinsa. Nan fa aka yi ta. Kowacce na jan abin da ya karɓe ta. Jar Tajaye ta rantse sai ruwan goro. Da muka ɗora shi a wuyan taubashiyata ya yi kyau ƙwarai, da aka ɗora a nawa sai na zama kamar mai ciwon shawara. Ruwan hoda ya karɓe ni, ya kashe mutum uku. Ruwan ƙasa ya haɗiye masu wankan tarwaɗa, ba ka sanin inda wuya ya ƙare riga ta fara. Mai shago ya yi ta safa da marwa yana cewa a bikin ƴarsa ma ba a wahalar da shi haka ba. Ita kuwa tana tsaye kamar turke, a yafa mata a cire.

Can ƙasan tari, cikin waɗanda ba a tambaya, aka jawo wata atamfa. Ba kore ba ce sosai, ba shuɗiya ba, tsakaninsu take, ba duhu ba haske, da manyan ganyaye jefi-jefi. Ba wadda ta so ta. Ni na ce ta tsofaffi ce. Sai ga bakin taubashiyata ya buɗe.

"Wanga ai ganyen albasa ne. Ku bar shi, baiwar gidanmu ba ta san abu mai kyau ba."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Aka zagaya da atamfar wuya bakwai, ba wanda ta kashe. Muka ɗauke ta da ruwan goron da wata ruwan hanta muka nufi tasha. Mai hoto ya jira rana ta karkata, ya fitar da mu bayan ɗakinsa inda inuwa ta kwanta sumul a jikin jan bango. Ya hana mu gindin dogon yaro, ya ce hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. Kafaɗa da kafaɗa muka tsaya ni da ita, sau uku, yadi a yafe ba ɗinki. 

Kwana goma hotunan suka yi. A ruwan goro na yi rawaya, a ruwan hanta mun fito amma ita da ɗan duhu. A ganyen albasa kuwa ga mu nan mu biyu, kowa da fuskarta. Ana ganin goshinta, ana ganin hancinta, har ɗan tabon da ke gefen girarta na faɗuwar da ta yi daga kan jaki. Na sa aka yanko atamfar, na naɗe nata da hoton a ciki, na ba direba ya kai Dogarawa. Ba ta aiko da amsa ba. Ana sauran kwana uku biki sai ga ta da ƙunshinta, anko a ɗinke, tana faɗa don me ba a jiƙa lalle ba har yanzu. Ba ta ce mini komai kan hoton ba. Uwarta ce daga baya ta tsegunta mini cewa ranar da ya iso ta zauna bayan rumbu da shi har aka kira la'asar, aka ji tana cewa, "Ashe haka nike."

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ranar wuni dangin ango suka ce in sa farin leshin da suka zubo a lefe, wanda yayarsa ta je har Kano ta sayo, kuma ta tabbata kowa ya ji haka. Na sa, kuma ina son shi, ba zan ɓoye ba. Tun ranar da aka buɗe akwati nake mafarkin kaina a cikinsa. Da la'asar muka fito hoto, ƙawaye shida cikin ganyen albasa, ni a tsakiya fara fat, taubashiyata a damana. Mai hoto ya leƙa kyamara, ya sauke, ya yafito ni gefe. Ya ce mutanen Sakkwato amarya suke dubawa in za su wanke hoton biki. Za su daidaita haske a kan leshina don zanensa ya fito, wadda ke jikina kuma za ta yi duhu. Ba zai kai na farko muni ba, amma ba zai yi kamar na gwaji ba. Dabararsa ita ce a mai da ita can ƙarshen layi, inda haske ya fi faɗowa, ko da hakan ba tabbas.

Na waiga na gan ta tana gyara ɗaurin kallabinta, tana dariya da jar Tajaye. In na ce ta koma ƙarshe za ta koma, ba za ta tambayi dalili ba, don ta riga ta sani. Na ce wa mai hoto ya ba ni minti biyar. Dama na ɗinka nawa ankon don sawa bayan biki. Na shiga ɗaki na tuɓe leshin na sa shi, ina tsoron dangin miji, ina kuma jin zafin rabuwa da leshin.

Da na fito tsakar gida sai kowa ya zuba mini ido. Yayar ango ta ce yau ta ga abin mamaki, amarya ta saje da ƙawaye, wa zai gane ta a hoto? Uwata ta harare ni daga bakin madafa, harara mai cewa za mu haɗu. Wata gwaggo ce ta kashe wutar, ta ce amarya da lalle har gwiwar hannu da sarƙa a wuya, makaho ma ya gane ta, kuma za a yi wani da leshin ita da ango. Haka aka yi, amma yayar mijina ta riƙe abin shekaru, ko a sunan ɗana na fari sai da ta tuna mini. Taubashiyata ta dube ni sama da ƙasa, idonta ya kawo ruwa, ta matso ta ce a kunnena ko a ranar aurena ban iya shiga irin ta ƴaƴan gida ba. Muna cikin wannan dariyar aka ɗauka.

Hoton ya fito da fuska bakwai cif. Daga nan duk bikin da ya biyo baya a cikinmu, sai an fitar da yadi waje an zagaya da shi wuya-wuya kafin a yanka, ƙannenmu ma suka ɗauka. Yanzu ina ganin jikokina suna zaɓen anko a waya, su yi hoto ɗari su goge casa'in. Ba na ce namu ya fi ba, amma ina kewar jiran nan na kwana goma, da yadda gaban mutum ke faɗuwa in ya hango direban Sakkwato.

Ita ta yi aure a wani ƙauye bayan Malbaza, ta haifi ƴaƴa mata huɗu, duk baƙaƙe masu kyau irinta. Mun tsufa muna tsiyarmu a bukukuwa da zaman makoki. Shekarar da ta rasu na je gaisuwa, babbar ɗiyarta ta ja ni ɗaki ta ce in zo in ga Inna tana budurwa. Sun kai hoton bikina an ciro ita kaɗai an ƙara masa girma, don shi kaɗai ya rage cikin hotunanta na ƙuruciya da fuskarta ta fito. Atamfar da muka sha wahala a kanta ta koɗe, ta koma wani ruwan toka-toka, ba mai cewa ganyen albasa ce. Fuskar kuwa tana nan, da wushiryar, da tabon girar, tana dariyar zagin da ta yi mini. A gefe guda akwai wata kafaɗa da ɗan guntun hannu mai lalle da almakashi ya bari. Yarinyar ta ce sun daɗe suna tambayar kafaɗar wace ce.

Na ce mata ta baiwar gidanku ce. Sai kuka ya ƙwace mini, na zauna a bakin gado.